Yadda ake rubuta kiran kwastoma, saka tunatarwa da tsabtace bayanai a manhajar CRM

Wannan bayani na mutumin da aka damƙa wa wayar shago ne aka ce ya riƙa bibiyar kwastomomi. Zan yi misali da shagon abincin kaji a Kaduna mai ma'aikata uku: mai shago, mai amsa waya, da yaron da ke fita kai kaya Rigasa, Mando, Kawo da Sabon Tasha. Mai sayar da kayan sola ko magani ko siminti zai iya bin tsarin nan ba tare da ya canza komai ba sai sunan kaya.

Manhajar da ake kira CRM rumbu ce ta bayanan kwastomomi. Kowane kwastoma yana da shafinsa, kuma a ƙarƙashin shafin ake tara kiran da aka yi da shi, abin da ya saya, da ranar da za a sake nemansa. Ka'ida ɗaya ce ke riƙe da aikin gaba ɗaya: mutum ɗaya shafi ɗaya, kuma ba a amsa wata waya sai an rubuta abin da aka yi da ranar da za a koma.

Abin da za ka tanada

Na farko ita manhajar. Biyu daga cikin waɗanda ƙananan 'yan kasuwa kan fara da su su ne Zoho CRM da HubSpot, domin duka suna da tsarin kyauta. Na Zoho yana ɗaukar ma'aikata uku, wanda ya yi daidai da shagonmu. Sunayen maɓallan da zan kawo daga waɗannan biyun ne, kamar yadda za ka gan su a allo.

Sai wayar Android ko iPhone da layin da yake na shago, ba na ma'aikaci ba. Kowane ma'aikaci kuma ya samu imel ɗinsa da kalmar sirrinsa. Kada ku shiga da suna ɗaya ku uku don sauƙi, domin ranar da aka goge wani abu ko aka yi wa kwastoma alkawarin ragi, ba za a san wanda ya yi ba. Kana buƙatar kwamfuta mai Excel ko Google Sheets, amma na rana ɗaya ko biyu kawai, lokacin zuba tsofaffin lambobi. In babu a shago, aro ya wadatar. Daga ƙarshe, ƙaramin littafi da biro a gefen waya saboda ranar da sabis ya ɗauke.

Mataki na 1: Gyara agogo da kwanan wata kafin komai

Shiga `Settings` ka nemi wurin agogo. Zaɓi `West Africa Time` ko `Africa/Lagos`, wato awa ɗaya gaba da agogon GMT. In aka bar manhajar a agogon New York, tunatarwar da ka saka ƙarfe 9 na safe sai ƙarfe 2 ko 3 na rana za ta buga a Kaduna. Kowane ma'aikaci ya duba nasa, don a Zoho kowa da saitinsa.

Tsarin kwanan wata kuma ka mayar da shi `dd/mm/yyyy`. A tsarin Amurka wata ne ke zuwa farko, saboda haka in ka rubuta 03/04 kana nufin 3 ga Afrilu, manhajar za ta ɗauka 4 ga Maris. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: gwada rubuta 25/04. In ta ƙi karɓa, tsarin Amurka take kai. Kuɗi kuma ka zaɓi `NGN`.

Mataki na 2: Yanke shawarar guraben da za a cike

Manhajar za ta zo maka da gurabe masu yawa, har da na fakis da na shafin intanet. Mafi yawansu ba ruwanka da su, ka ɓoye su. Duk gurbin da aka bari a fili ba a cikewa yana koya wa ma'aikaci cewa tsallakewa ba laifi ba ne.

Shagon abincin kaji bakwai sun ishe shi: suna, lambar waya, lamba ta biyu, gari, unguwa, irin kiwo da yawan kaji, sai ma'aikacin da ke kula da kwastoman, wanda ake gani a allo da sunan `Contact Owner`. Ka ƙara ƙaramin akwati guda na "kada a kira don talla", zan zo kansa.

Gari da unguwa kada ka bar su a buɗe kowa ya rubuta yadda ya ga dama. Mayar da su jerin zaɓi, abin da Zoho ke kira `Pick List`, HubSpot kuma `Dropdown select`. Dalili shi ne Unguwar Rimi kaɗai za ka tarar an rubuta ta Ungwan Rimi, Angwan Rimi da U/Rimi, kuma ranar da ka nemi duk kwastomomin unguwar don a haɗa musu mota ɗaya, manhajar za ta ba ka kashi ɗaya ta ɓoye sauran. Gari kuma dole ya zama daban da unguwa, tunda akwai Tudun Wada a Kaduna, akwai ta a Zariya. In tsarin kyautar da kake kai bai ba ka damar ƙirƙirar sabon gurbi ba, buga jerin unguwanni a takarda da rubutu ɗaya tak ga kowace, ka manna a bango kusa da waya, kowa ya kwafa daga nan.

Suna ma yana da tasa rigimar. Zoho ba ya ajiye shafi sai an cike `Last Name`, kuma kwastomomi da yawa da laƙabi aka san su. Abin da nake yi: sunan gaskiya a gurbin suna, Alhaji ko Hajiya ko Madam a gurbin girmamawa, laƙabi kamar "Mai Ƙwai" a gurbin bayani. In ka cusa Alhaji cikin suna, rabin rumbunka zai taru a harafin A. Ku kuma tsayar da magana ɗaya kan haruffa masu lanƙwasa, ko a riƙa sa su kullum ko a bar su kullum, domin wurin bincike yakan ɗauki ƙ da k a matsayin haruffa biyu daban.

Mataki na 3: Lambar waya, wadda ita ce ainihin shaidar kwastoma

A nan zan daɗe, don yawancin ƙazantar bayanai daga nan take farawa. Waɗannan manhajoji an gina su ne a inda kowa ke da imel. HubSpot, alal misali, da adireshin imel yake gane cewa mutum ya riga ya shiga rumbu. Mai kiwon kaji a Rigasa kuwa ba ta taɓa ba ka imel ba, kuma ba za ta ba ka ba. Suna ma ba ya raba gardama, domin Muhammad, Mohammed da Muh'd suna iya zama mutum ɗaya, suna iya zama uku. Abin da ya rage shi ne lambar waya, ita ma sai an rubuta ta iri ɗaya kullum.

Tsarin da za ku bi shi ne na ƙasa da ƙasa: +234, a cire sifilin farko, a biyo da lambobi goma, ba tazara ba ɗigo. Lambar da aka saba rubutawa 0803 000 0000 za ta koma +2348030000000. Ƙirga duka da alamar tarawa, za ka samu 14. Duk wadda ba ta kai 14 ba ko ta wuce, akwai kuskure.

In tsofaffin lambobinku suna cikin Excel, ka san halinsa guda biyu. Yana cinye sifilin farko, sai 0803 ta koma 803. Doguwar lamba kuma yana nuna ta kamar `2.34803E+12`, kuma in aka ajiye fayil ɗin CSV a haka, lambobin ƙarshe sun tafi ke nan, ba a dawo da su sai an koma tsohon littafi. Saboda haka kafin ka taɓa komai, kwafi fayil ɗin ka ajiye asalin a gefe. Sannan, in lambobin suna layin A, rubuta wannan a B2 ka ja shi ƙasa:

```
="+234"&RIGHT(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(A2," ",""),"-",""),10)
```

Abin da yake yi shi ne ya cire tazara da karan tsakiya, ya ɗauki lambobi goma na ƙarshe, ya maƙala +234 a gaba. Ko an rubuta lambar da sifili, ko ba sifili, ko da 234, sakamakon ɗaya ne. A layin C ka duba tsawo, a layin D ka nemo waɗanda suka maimaitu:

```
=LEN(B2)
=COUNTIF(B:B,B2)
```

Duk inda C bai nuna 14 ba, gyara da hannu. Duk inda D ya wuce 1, lamba ɗaya ce ta shiga fiye da sau ɗaya, in mutum ɗaya ne ka haɗe shi tun a nan, ya fi sauƙi fiye da bayan ya shiga manhaja. Wannan dabara ba ta aiki a gidan da aka cusa lambobi biyu tare, za ta ɗauki ta ƙarshe ta watsar da ta farko ba tare da ta gaya maka ba, don haka raba su tukuna. Lambar kwastoman Maraɗi ko Yamai ma ka ware ta, tasu +227 ce.

Ajiye fayil ɗin a matsayin `CSV UTF-8` don kada ƙ da ɗ da ɓ su koma alamar tambaya. Bayan ka ajiye, kada ka sake buɗe shi da Excel don "dubawa", zai cinye alamar tarawar. Tafi kai tsaye zuwa `Import`. Fara da mutum goma, buɗe shafukansu ka ga kowane abu ya faɗa gurbinsa, sannan ka zuba sauran.

In babu Excel kwata-kwata, lambobin suna cikin waya da littafin bashi, kada ka kwashe duk wayar ka juye a manhaja, za ka shigo da surukai da mai gyaran janareta. Zauna da littafin ciniki na wata uku da suka wuce, ka shigar da waɗanda suka yi sayayya da hannu, ashirin a rana. Sauran su shiga ranar da suka kira.

Wani abu kuma: kada ka buɗe gurbin "layin MTN ne ko Airtel" ka cike shi da duban farkon lamba. Tun 2013 ake iya sauya kamfani a riƙe lamba, don haka 0803 ba hujja ba ce.

Mataki na 4: Nemo kafin ka ƙirƙira

Waya ta yi ƙara, muryar ba ka san ta ba. Kafin ka taɓa maɓallin sabon shafi, bincika lambar a manhaja. In ba ta fito ba, bincika da sunan gona ko laƙabi, sannan ka tambaya: "Hajiya, kin taɓa sayayya a wurinmu da wata lambar?" Mutane da yawa layi biyu gare su, wasu kuma yaron gona ne ke kira a madadinsu. In tsohuwar kwastoma ce, sabuwar lambar ta shiga gurbin lamba ta biyu a shafinta na da. A Zoho, in tsarinka ya ba da dama, kunna `Do not allow duplicate values` a gurbin waya, manhajar da kanta za ta ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu.

Gonar da mutane uku ke kira dominta, mai gona da manaja da mai biyan kuɗi, a buɗe wa gonar shafi a `Accounts` ko `Companies`, a rataya mutanen uku a ƙarƙashinta.

Mataki na 5: Rubuta kiran

Da zarar an ajiye waya, kafin ka amsa wata, buɗe shafin kwastoma ka zaɓi `Log a call`. Minti biyu ya isa. Wanda ya ce zai tara su ya rubuta da yamma, zuwa la'asar ya manta ko buhu 30 aka ce ko 13.

Akwai abin zaɓa, akwai abin rubutawa. Abin zaɓa shi ne ko kai ka kira ko an kira ka, sai sakamakon kiran. HubSpot yana zuwa da `Connected`, `No answer`, `Busy`, `Wrong number` da wasu biyu na barin saƙo. Kiran da ba a ɗauka ba shi ma a rubuta shi. Sababbin ma'aikata suna ganin ɓata lokaci ne, amma ranar da kwastoma ya zo yana faɗa cewa ba wanda ya neme shi, layuka uku na `No answer` da ranakunsu da lokutansu su ne za su yi magana. Filashin ma haka: ka bi shi da kira, ka rubuta.

Abin rubutawa kuwa tambayoyi huɗu yake amsawa: me ya kawo kiran, me aka yanke, wa zai yi me, kuma yaushe. Ga misali. Wata Hajiya mai kaji masu ƙwai 500 a Rigasa ta kira ranar Litinin 5 ga wata. Rubutun da ba ya amfanar kowa shi ne "Na yi magana da Hajiya, za ta saya." Wanda ya dace ga shi:

```
Oda: buhu 30 na masu ƙwai, 25kg.
An kai yau Litinin 5, ƙofar baya ta gona.
Ta biya na buhu 20 ta tiransifa, saura na 10.
Ta ce ciko ranar Litinin 12, bayan ta sayar da ƙwai.
Ƙorafi: buhu 2 na odar baya sun jiƙe. Mai shago zai kira ta gobe Talata 6.
```

Ma'aunin rubutu mai kyau shi ne: in ka kwanta rashin lafiya gobe, abokin aikinka zai iya ɗaukar wayar ya ci gaba da Hajiya ba tare da ya ce mata "me kuka yi da shi ne?" Rubuta adadi da lamba, rubuta rana da kwanan wata. "Jibi" da "mako mai zuwa" ba su da ma'ana ga wanda zai karanta bayan wata guda.

Akwai abin da ba ya shiga. Ra'ayinka kan halin mutum, irin "wannan matar ta cika mita", ka bar shi a ranka, ka rubuta abin da ta yi ƙorafi a kai. Lambar katin banki, BVN da NIN ba su da wurin zama a nan ko da kwastoma ya karanto maka su da kansa.

Cinikin da aka yi ta WhatsApp, musamman saƙon murya, shi ma kira ne a wannan lissafi. Saurara, ka taƙaita shi a layi biyu a shafin kwastoma. Wanda ya zo shago da ƙafarsa aka yi magana, a rubuta shi a `Notes`. In sabis ya ɗauke, rubuta a littafin nan na gefen waya da lokacin kiran, in ya dawo ka shigar, ka gyara lokacin ya dace da sa'ar da aka yi kiran, sannan ka ja layi a kan na littafin don kada wani ya sake shigarwa.

Mataki na 6: Saka tunatarwa

Kiran Hajiya ya haifi ayyuka uku, kuma kowanne `Task` ɗinsa daban, da ranarsa a `Due Date`, da sunan wanda zai yi. Na farko na mai shago ne: Talata 6, kira kan buhunan da suka jiƙe. Ka sa sunansa, kada ka bar shi a naka, in ba haka ba wayarka ce za ta yi ƙara shi kuwa bai san da maganar ba. Na biyu naka ne: cikon kuɗin buhu 10. Ta ce Litinin 12, to ka sa Talata 13 da safe, ka fara duba alat kafin ka kira. Kiran mutum da sassafen ranar da ya yi alkawari yana kama da ba ka yarda da shi ba.

Na uku shi ne wanda ke kawo ciniki, kuma lissafi yake so. Kaza mai ƙwai tana cin kimanin giram 110 zuwa 120 a rana. Ɗauki 120: kaji 500 za su ci kilo 60 kullum. Buhu 30 masu kilo 25 kilo 750 ne. Raba 750 da 60, ka samu kwana goma sha biyu da rabi. In ta fara ba su ranar Litinin 5, abincin zai ƙare wajen Asabar 17. Tunatarwar ba ranar 17 za ka sa ta ba, don a ranar ta riga ta aika an sayo mata a wani shagon. Ka sa Alhamis 15, ya rage kwana biyu na shirya kuɗi da mota. In tana da ragowar tsohon abinci, lissafin zai matsa gaba, shi ya sa yana da kyau ka tambaya tun a kiran farko. Bayan oda biyu ko uku, tarihin da ke shafinta zai nuna maka tazararta ta gaskiya, sai ka bar lissafi ka bi tarihin.

Taken aikin ya faɗi abin yi. "Bibiya" ba take ba ne. "Kira Hajiya, abinci zai ƙare 17, tayin buhu 30" shi ne take, don shi kaɗai za ka gani a fuskar waya.

Lokaci ma ka zaɓe shi da sanin gari. Kada ka sa kira tsakanin ƙarfe 1 da 3 na ranar Juma'a. Kwastomomin da ke zuwa coci, a Sabon Tasha ko Barnawa ko ko'ina, a bar musu safiyar Lahadi. Da azumi, daga la'asar zuwa shan ruwa ba a samun hankalin kowa. Masu kiwo da sassafe suna cikin kaji, ƙarfe 10 zuwa 12 ya fi. Gwamnatin Kaduna ta fito da tsarin aikin kwana huɗu a Disamban 2021, don haka ma'aikacin gwamnati da ke kiwo a gefe, tambaye shi ko Juma'a ce ranar da yake gona, ka rubuta a shafinsa.

Sai amsar nan da kowa ya sani: "zan neme ka", ko "sai bayan Sallah". Kada ka rufe kiran a haka. Ce masa, "To Alhaji, in ban ji ka ba zuwa Laraba in taɓo ka?" In ya amsa, ka samu rana. In bayan Sallah ya ce, zaɓi rana mako guda bayanta ka sa. Wanda bai ɗauka ba, sake gwadawa washegari a wani lokacin daban, sannan bayan kwana uku, sannan ka tura saƙo ɗaya ka dakata. Kira na bakwai a mako ɗaya ba ya sayar da buhu.

In ranar ta zo, ka yi kiran, ka rubuta shi, ka rufe aikin da `Completed`, ka buɗe na gaba. Kuskuren da na fi gani shi ne tura ranar aiki gaba kullum ba tare da an yi kiran ba, ko barin jajayen ayyukan da lokacinsu ya wuce su taru har su kai ɗari. Daga nan ido ya saba da ja, tunatarwa ta daina tunatar da kowa. In ka ga abin da ya wuce lokaci ya fi abin da za ka iya kira a yini ɗaya, zauna ka tace: wanda ya mutu a rufe shi da dalili, mai rai a ba shi sabuwar rana ta gaskiya.

In tunatarwa ba ta bugawa a waya, kafin ka zargi manhajar duba abu biyu: an ba ta izinin sanarwa, kuma tsarin tanadin batir bai kashe ta a baya ba. Wayoyin Android da yawa suna yin haka, sai ka cire ta daga jerin waɗanda ake taƙaitawa. Ko da ta gyaru, ka saba buɗe jerin ayyukan yau da safe kafin ka ɗaga ƙofar shago.

Mataki na 7: Sharar mako

Ware rabin awa a rana ɗaya tsayayya, Asabar da yamma misali, mutum ɗaya ya riƙe aikin. Abubuwa uku zai duba.

Na farko shafukan da suka maimaitu. Zoho yana da `Find and Merge Duplicates`, HubSpot yana da `Merge` a shafin kwastoma. Kafin ka haɗe, buɗe duka biyun ka tabbata mutum ɗaya ne. Suna ɗaya da unguwa ɗaya ba su isa ba, Kawo kaɗai Allah ya san yawan masu suna iri ɗaya. Lamba ɗaya ma wani lokaci mata da miji ne, kowa da kiwonsa da bashinsa. In kana shakka, kira ka tambaya. A HubSpot in an haɗe ba a warwarewa, don haka gaggawa a nan tsada gare ta. Wajen haɗewa, zaɓi shafin da ya fi tarihi ya zama uwa, ka duba gurbi-gurbi wace lamba da wace unguwa za su tsira. Kada ka goge ɗayan a maimakon haɗewa, kiran da aka rubuta a ƙarƙashinsa za su iya bin sa.

Na biyu, tace jerin kwastomomin da ba su da wani aiki a buɗe. Kowannensu ko dai a sa masa ranar kira, ko a rubuta dalilin barinsa: ya daina kiwo, ya koma wani gari, ya koma wani shago saboda farashi. Wannan dalilin shi mai shago zai fi son karantawa a ƙarshen wata.

Na uku, lambobin da suka mutu. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya yana sake sayar da shi ga wani. In ka kira wani ya ce bai san mai sunan ba, zaɓi `Wrong number`, cire lambar daga gurbin waya ka mayar da ita cikin bayani da kwanan wata, don kada wani ya aika wa baƙo saƙon bashi.

Yanzu akwatin nan na "kada a kira don talla". Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ba mutum haƙƙin ya ce a daina amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya. Wanda ya faɗi haka, cika akwatin, rubuta ranar, rufe ayyukan tallan da ke kansa. Kada ka goge shafin don wannan kawai, domin in ka goge, wata rana wani zai sake shigar da shi daga tsohon littafi a koma kiransa. In kuma kuna naɗar muryar kira, ku gaya wa mutum tun farkon magana.

Sau ɗaya a wata, mai shago ya yi `Export` na kwastomomi ya ajiye fayil ɗin inda shi kaɗai ke iya buɗewa, kuma izinin yin hakan ya tsaya a kansa in tsarin ya ba da dama. Ranar da ma'aikaci zai bar aiki, kafin ya fita a mayar da kwastomominsa da ayyukansa na buɗe zuwa sunan wanda zai gaje shi, a karɓi layin shago, sannan a rufe shigarsa. In aka fara rufewa kafin a mayar, tunatarwar Hajiya ta ranar 15 za ta tafi ga sunan da ba mai buɗe shi.